Sunan da Ya Koma Ƙarƙashin Tamanin da Bakwai

Shekara goma sha ɗaya muka yi shago ɗaya da Tafireta. Ni ina ɗaukar hoton fasfo a ɓangaren dama, inda na rataya farin ƙyalle a bango, shi kuma yana buga takardu a hagu, kusa da taga. Firinta ɗaya muke amfani da ita, fanka ɗaya, tsintsiya ɗaya. Shagon yana bakin ƙofar tsohuwar kasuwa, don haka duk wanda zai rubuta wa hukuma koke, ko yarjejeniyar haya, ko takardar neman aiki, sai ya biyo ta wurinmu.

Sunan Tafireta ya samo shi ne daga aikinsa na farko. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin buga takardu na wata ma'aikata, su takwas a jere, kowa da injinsa na tafireta. Yakan ce a lokacin in ka yi kuskuren harafi ɗaya a wasiƙar darakta, sai ka sake shafin daga farko, shi ya sa hannunsa ya koyi tsoro. Da kwamfuta ta shigo aka sallame su gaba ɗaya a wata guda. Abokansa wasu suka koma noma, ɗaya ya zama mai gadi. Shi ya ƙi. Yana da shekara arba'in da biyar ya shiga ajin koyon kwamfuta tare da sa'annin 'yarsa, ya zauna a layin gaba da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a aljihu.

Ya koya, kuma ya iya. Sai dai hannunsa bai taɓa yarda an canja masa inji ba. Yana dukan maɓallai kamar masu taurin kai ne, har nakan ce masa, "Malam, a hankali, ba bashinka suka ci ba." Kuma ba ya kallon allo idan yana aiki. Idonsa na kan takardar da yake kwafa, ko kan fuskar mai magana, yatsunsa na tafiya su kaɗai. Da wannan yake taƙama. Abin da ya tsana a duniya shi ne lambobin da kwamfuta ke jera wa mutum da kanta. Yakan ce, "Ni na rubuta ɗaya, ita ta ba ni biyu. Wa ya tambaye ta?" Amma manyan ofisoshi haka suke son takarda, don in an cire layi ɗaya sauran su gyara kansu, dole ya saba.

A cikin masu zuwa shagonmu kullum akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Mai Zare. Tana sayar da zare da allura da maɓallan riga da zif a layi na biyu na kasuwar, shekara kusan talatin. Mijinta ya rasu tuntuni, ɗanta ɗaya yana wani gari mai nisa yana tuƙin mota. Ba takarda take kawowa ba. Wayarta take kawowa mu sa mata a caji, ta zauna a bencinmu ta huta ƙafa, ta duba rigar Tafireta ta ce, "Ƙanena, wannan maɓallin saura kwana biyu ya faɗi. Matarka ba ta gani ne?" Sai ta zaro allura daga gefen ɗankwalinta ta ɗinke masa a tsaye. Shi kuma yana ce mata Yaya.

Da aka ce za a rushe tsohuwar kasuwa a mai da mutane sabon gini a bayan tashar mota, hukumar kasuwa ta ce ƙungiyar 'yan kasuwa ta kawo jerin sunaye guda ɗaya, a buge, daga ɗaya zuwa ɗari biyu da goma sha biyu. Ta kuma faɗi abin da ya zama tushen komai: lambar da ke gefen sunanka ita ce lambar rumfarka, ita za a rubuta a kan makullinka. An yi wata biyu ana taro kafin a daidaita wa zai bi wa. Mai Zare ta faɗo a tamanin da takwas. Ta zo ta gaya mana tana murna, ta ce lamba ce mai sauƙin riƙewa.

Ranar ƙarshe ta miƙa jerin, sakataren ƙungiya ya shigo shagonmu wajen ƙarfe sha biyu da rabi, gumi har cikin kunne. Ofishin hukuma na rufe karɓa ƙarfe biyu. Kuma jerin ba ɗaya ba ne, uku ne, don kowane layi da wakilinsa. Na layin farko, mutum saba'in, yana cikin filash, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, an jera shi da lambobin kwamfuta. Na layi na biyu, shi ma saba'in, wakilinsu ya rubuta shi a waya ya turo a saƙo, lambobin da hannu ya buga su, wani layin da tazara a gaba wani babu. Na uku, mutum saba'in da biyu, wani fayil ne daban da ɗan wakilin ya shirya a wurin aikinsa.

"Haɗe su kawai za ka yi, Malam," in ji sakatare. "Minti goma."

"Duk wanda ya ce minti goma bai taɓa haɗa su ba," in ji Tafireta.

Na farko ya zauna lafiya, ɗaya zuwa saba'in. Na biyu da ya kwafo ya manna, sai ya fito kamar haƙoran tsoho, wannan suna ya shige ciki, wancan ya fito waje. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge lambobin hannu, ya sa su cikin jerin kwamfuta, suka ɗora daga saba'in da ɗaya har ɗari da arba'in. Na gani da idona, don ina tsaye a bayansa ina jiran firinta. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke gaban wasu sunaye, ya shiga daidaita su.

A nan ne wayar sakatare ta yi ƙara. Shugaban ƙungiya ne, yana tambaya me ake jira. Sakatare ya juyo yana tambayar Tafireta saura nawa, Tafireta ya ɗaga kai yana ba shi amsa, hannunsa na aiki. Shekara goma sha tara in suna ya fito waje a kan tafireta, maɓallin tab ake dannawa ya shige. Ɗan yatsansa ya danna tab a farkon sunan Mai Zare. A cikin jerin kwamfuta, tab a farkon layi ba tazara yake bayarwa ba. Yana sauke layin ne ya zama reshe a ƙarƙashin na samansa. Tamanin da takwas ta ɓace daga gefen sunanta, ƙaramin harafin "a" ya maye gurbin, sunan ya matsa ciki. Duk mutum hamsin da biyu da ke ƙasanta suka hau sama da lamba ɗaya ɗaya, layi na biyu ya ƙare a ɗari da talatin da tara. Ya san wannan halin na tab sarai, ya sha zaginsa. Bai kalli allo ba ne kawai. Ni ma ban gani ba, wata mata ta shigo da jariri za a ɗauke shi hoto.

Da ya manna na uku, sai lambobinsa suka sake farawa daga ɗaya, yadda suke a fayil ɗin da suka fito. Hanya biyu ce ta gyara wannan. Ko ka ce wa kwamfuta ta ɗora daga inda na sama ya tsaya, ko ka ba ta lambar da za ta fara da ita. Sakatare ya leƙa littafinsa ya ce, "Layi na uku daga ɗari da arba'in da ɗaya yake farawa, sa masa haka." Tafireta ya sa masa haka. Da ya ce ta ɗora, da ta ba shi ɗari da arba'in, jerin ya ƙare a ɗari biyu da goma sha ɗaya, kowa ya san an rasa mutum. Amma da ya kafa lambar da hannu, sai ƙarshe ya fito daidai. Suka gangara shafi na ƙarshe, suka ga ɗari biyu da goma sha biyu.

"Ya cika," in ji sakatare.

Ɗari da talatin da tara tana gindin shafi na huɗu, ɗari da arba'in da ɗaya tana saman na biyar, ƙarƙashin kan magana. Ba wanda ya haɗa shafukan biyu ya duba. Aka buga, sakatare ya hau babur, shugaba ya sa hannu a bakin ofishin hukuma, aka buga hatimi saura minti goma.

Mako biyar bayan haka aka raba makullai. Ranar ina wurin, don an ɗauke ni in yi hotuna. Ma'aikacin hukuma na kiran lamba da suna. Ya kira tamanin da bakwai, mai kayan roba ya fito ya karɓa. Mai Zare ta riga ta miƙe tana gyara mayafi. Ya kira tamanin da takwas, ya faɗi sunan mai takalma. Ta tsaya a tsaye, ta zaci kunnenta ne. Mai takalma ma ya yi mamaki, don ya san tamanin da tara ce tasa, amma sunansa aka kira, ya je ya karɓa. Waɗanda suka biyo baya kowa ya ga lambarsa ta ragu da ɗaya, suka ɗauka hukuma ce ta yi wani gyara. Rumfunan sababbi ne, duk iri ɗaya, ba wanda ya ga abin faɗa.

Ta jira har aka kai ƙarshe, sannan ta je teburin. Ma'aikacin ya bi takarda da biro ya ce, "Ga sunanki nan, Mama. Amma ba ki da lamba. Kina ƙarƙashin tamanin da bakwai ne, ƙaramin a. Mai taimaka masa ce ke, ko iyalinsa?"

Wani a baya ya ce ashe an ɗaura wa Mai Zare aure da mai roba ba a gayyace su ba. Aka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, don ba ta gane girman abin ba tukuna.

Da yamma ta zo shago da kwafin shafin a ninke. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye a gaban Tafireta ta ce, "Ƙanena, karanta mini wannan. Sun ce wai ni 'a' ce."

Ya sa tabarau na farko, ya cire, ya sa na biyu. Ya buɗe fayil ɗin, ya gangaro. Ya kai alamar rubutu farkon sunanta, ya riƙe maɓallin shif ya danna tab. Harafin ya tafi, tamanin da takwas ta dawo, duk na ƙasa suka sauka ɗaya ɗaya, ɗari da arba'in ta fito a wurinta. Ko daƙiƙa ɗaya bai ɗauka ba.

"Shi ke nan?" in ji ta. "To ai ya gyaru. Buga mini in kai musu."

"Yaya," ya ce, "ni na yi wannan. Hannuna ne."

"Na san ba da gangan ba ne. Buga mini."

Ya buga. Washegari ya rufe ɓangarensa, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, suka tafi hukuma tare. Abin da ya biyo baya ya ɗauki wata bakwai, kuma kusan duk wata maganar ɗaya ce. Ma'aikacin ya ce shi ba ya aiki da takardar da ba hatimi. Mai hatimi ya ce ba ya buga wa jeri biyu hatimi a kan kasuwa ɗaya, sai an soke na farko. Soke na farko kuwa yana nufin mutum hamsin da biyu su mayar da makulli, kowa ya matsa rumfa ɗaya, alhali wasu sun riga sun kafa kanta, sun yi fenti, sun rubuta lambar a allonsu. Tafireta ya ce to a bar kowa inda yake, a ba ta ɗari da arba'in, tunda ita ce lambar da aka tsallake, ba ta da mai ita. A nan aka gaya musu cewa tana da mai ita. Da hukuma ta ga ƙungiya ba ta sa kowa a lambar ba, sai ta lissafa ta cikin rarar rumfuna, ta ba wani mai sayar da wayoyi, da takardarsa da hatiminsa.

Shugaban ƙungiya ya ce a yi haƙuri, za a duba. Sakatare ya daina bi ta gaban shagonmu. Da aka matsa masa a taro, ya ce shi daidai ya kai, mai bugawa ne ya ɓata. Tafireta ya miƙe a taron ya ce gaskiya ne. Ya yi ƙoƙarin bayyana musu yadda abin ya faru, da tab, da reshe, da lambar da aka kafa da hannu. Mutane suka saurara na ɗan lokaci, sannan mai takalma ya ce, "Malam, mu dai yanzu me kake so mu yi? In tashi?" Mai takalma ba mugu ba ne, 'ya'yansa shida.

Koke goma sha huɗu Tafireta ya rubuta da sunanta. Duk da hannu ya buga lambobin sakin layinsu, ya kashe jerin kwamfuta gaba ɗaya a injinsa. Kowanne ya kai da ƙafarsa, ya karɓo shaidar an karɓa, ya sa a wata jakar leda. An amsa guda biyu. Amsa ta farko ta ce ana nazari. Ta biyu ta ce bisa jerin da ƙungiya ta gabatar, mai koken ba ta cikin masu rumfa, ta tuntuɓi lamba tamanin da bakwai.

Mai roba ya yi abin da zai iya. Ya ce ta ajiye tirenta a gefen ƙofarsa. Ta yi wata biyu a nan, tsakanin bokitai da robobin wanka, a kan wata 'yar kujera. Amma zare kaya ne na bango, sai an baje shi launi launi mai saye ya tsaya ya gwada da ƙyallensa. A tire ba ya ganuwa. Teloli da suka saba da ita suka yi ta neman ta a tamanin da takwas suna tarar da takalma. Sannan masu kula da kasuwa suka ce ba a kasa kaya a hanyar wucewa. Ta koma bakin titi, wajen katanga, inda rana ke cin launin zaren, ja ya koma kamar ruwan hoda.

A gida ma abin bai bar shi ba. Matarsa ta tare ni wata rana da na je kai masa saƙo, ta ce, "Don Allah ka yi wa abokinka magana. Abinci sai ya huce a gabansa. Jiya 'yarsa ta ba shi sunayen waɗanda za a gayyata sunan jaririnta, mutum talatin, ya ƙirga su da yatsa sau biyar." Na yi masa maganar. Na ce kuskure ne irin na kowa, kuma ba shi kaɗai ba ne, sakatare ya duba, shugaba ya sa hannu, hukuma ta buga hatimi, ni ma ina tsaye a wurin.

Ya ce, "Su duka lambar ƙarshe suka duba. Aikinsu ke nan. Tsakiyar aikina ce."

Aiki ma ya ja baya. Kasuwa ta tashi daga ƙofarmu, ga shi labari ya zaga cewa Tafireta ya tsufa, yana ɓatar da mutane a takarda. Waɗanda suka ci gaba da zuwa suka ga ya zama mai jinkiri. Takardar shafi ɗaya sai ya karanta ta a allo, ya buga, ya bi ta da rula layi layi, ya sa mai ita ya karanta da ƙarfi. Mutum mai sauri ba ya dawowa wurin irin wannan.

Mai Zare ba ta daina gaishe shi ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Sai dai zuwanta ya ragu, don sabuwar kasuwa da nisa, ƙafarta kuma ta fara kumbura saboda zaman ƙasa. A wata na takwas ɗanta ya zo. Ya shigo shagonmu, dogo, da makullin mota a hannu, ya tambaya wane ne mai bugawa. Na miƙe don ban san da me ya zo ba. Ya dubi Tafireta ya ce, "Baba, Inna ta ce in zo in yi maka sallama, ta ce kar ka ƙara rubuta komai, ya isa. Zan tafi da ita."

"Akwai wani sabon darakta da aka kawo hukumar kasuwa," in ji Tafireta. "An ce yana sauraron mutane."

"Baba, ya isa."

Ta tafi da safe a gaban motar ɗanta. Ragowar zaren ta raba wa teloli biyu. Na ji daga baya cewa a can ba ta san kowa ba, tana zama ne a ɗaki tana duba jikoki, kuma ba ta cika magana ba. Ban gaya masa ba, amma ina jin ya ji daga wani wurin.

Ya rubuta wa sabon daraktan duk da haka. Ba a amsa ba.

Bayan shekara ɗaya ya ce mini zai bar shagon. Idonsa ya yi rauni, likita ya ce ruwa ne ke taruwa, kuma aikin da ke shigowa bai kai a buɗe ƙofa dominsa ba. Na taya shi ɗaure kwamfutar a bayan babur mai ƙafa uku. Wani mai gyaran waya ya karɓi ɓangarensa, ya cire teburin, ya kafa gilashi.

Ina zuwa gaishe shi lokaci lokaci. Yana zama a ƙofar gida a kan kujerar roba, rediyo a cinya, sau da yawa a kashe. Yana tambayata aiki, ina ce masa mutane yanzu da waya suke ɗaukar hotonsu, ni ma kwanana a shagon ƙirgagge ne. Zuwana na ƙarshe matarsa ta kawo mana shayi, muka sha, ya tambaye ni ko an gyara kwatar da ke gaban shagon. Na ce ba a gyara ba. Ya gyaɗa kai. Muka zauna har aka fara taso yara daga makaranta, sannan na yi masa sallama na tafi neman mota.